Inda Aka Yanke Jan Ƙarfen Hasumiya

Zulaikha ta iso Roni an idar da Azahar, rana tana dukan ƙasa kamar da gayya, ga wani gumi mai nauyi irin na gab da faɗuwar damina. Ganin gida ta zo yi daga Kano, inda take aikin haɗa wutar sola da wayarin ɗin manyan gine-gine. Ko mayafinta ba ta cire ba mahaifiyarta, Hajja Fatu, ta miƙo mata kwanon fura.

"Kai wa babanki. Yana can ɗakinsa na gindin hasumiya, tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Ki ga yadda aka gyara wajen, sai ka ce a Makka."

Malam Zarami, mahaifin Zulaikha, shi ne ladanin masallacin unguwar tun kafin a haife ta. Masallacin yana tsallaken fili, daura da zauren gidansu, hasumiyarsa kuma tana tsaye ita kaɗai a kusurwar harabar. Duk ɓangaren nan na gari babu abin da ya kai ta tsawo, ko bishiya. A gindinta akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, nan aka ajiye amfilifaya da batir, nan kuma Malam yake tsayawa da makirfo a hannu sau biyar a rana.

Wanda ya saba da aiki idonsa ba ya hutu. Tana tafe da kwanon ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwar hasumiyar. Tsinken jan ƙarfen nan na kariyar tsawa yana nan tsaye, ya zarce jinjirin watan da ke sama. Ta bi faffaɗan zirin jan ƙarfen da ya taso daga gare shi da ido, yana gangarowa a jikin bango, a miƙe, an ɗaure shi da kyau. Ta ji daɗi. A shekarun baya ita ta matsa wa kwamitin masallaci aka sa shi, tana tsaye aka kafa turakunsa a ƙasa.

Da idonta ya iso ƙasa sai ta tsaya cak.

Inda ramin turakun yake a da, yanzu wajen alwala ne, an malale shi da siminti an shimfiɗa tayil, ga famfuna a jere a jikin bututun ƙarfe. Zirin kuwa bai kai ƙasa ba. An datse shi daidai kafaɗar mutum, an lanƙwaso bakinsa an naɗe a jikin sandunan ƙarfen tagar ɗakin ladan, an kuma shafa masa koren fenti don ya dace da tagar. Aiki tsaf, na mai son tsabta.

Ta yi sallama a ƙofar ɗakin. Malam Zarami yana zaune a kan buzunsa, bayansa jingine da bangon da ke ƙarƙashin tagar.

"A'a, Zulai! Saukar yaushe? Ya maigidan naki?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye furar, ta kasa jiran gaisuwar ta ƙare. "Baba, wa ya yanke jan ƙarfen nan?"

"Wanne? Au, wancan. Sama'ilu magini ne, da rani, da suka zo sa tayil. Ya tokare musu hanya. Amma bai yar ba, kin ga ya ɗaure shi. Ya ce ƙarfe duk ƙarfe ne, tagar ma ai a jikin gini take, ginin kuma a ƙasa yake."

"An yi ruwa tun da aka yanke?"

"Yayyafi dai. Amma yau kam ina sa rai. Dubi gabas."

Ta leƙa. Can ƙasan sama ta gabas ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

"Baba, don Allah yau kada ka kira La'asar a ɗakin nan."

Ya ajiye ludayin ya dube ta. Ta yi masa bayani, kalmomi suna tuntuɓe a bakinta. Ya saurara har ta gama, don shi mutum ne mai sauraro, sannan ya yi murmushi.

"Zulai, ɗakin Allah ne fa. Aradu tana faɗa wa mai rantsuwar ƙarya da mai cin amana. Me za ta zo nema wajen mai kiran salla?"

Wannan magana mutane sun daɗe suna faɗinta, kuma tana da daɗin ji. Sai dai duk damina ana jin labarin shanun da tsawa ta kashe a gindin bishiya a dajin Gwiwa, ba a kuma taɓa jin wanda ya ce ya kama saniya da rantsuwar ƙarya ba. Zulaikha ta san haka, amma ba magana ce da 'ya za ta mayar wa uba ba.

"In abin ya dame ki," in ji Malam, "ki je wajen Alhaji Daudu. Shi ne shugaban kwamiti. Ni ladan ne, abin da aka ɗora mini shi ne kira."

Alhaji Daudu dillalin hatsi ne, rumfarsa tana bakin titi. Ta same shi yana sa a ja buhunan gero ciki saboda hadari. Sama'ilu magini ma yana wajen, zaune a kan benci yana cin gyaɗa.

"Injiniya da kanta!" in ji Alhaji. "An zo a ga aikinmu? Faɗi gaskiya, ko a Kano kin ga wajen alwala irin wannan?"

"Ya yi kyau, Baba Alhaji. Amma an kashe maganin tsawar."

"Wane irin an kashe? Ga shi can ina hango shi daga nan, yana ƙyalli. Ko ɓarayin jan ƙarfe ba su iya hawa can."

Ta san in ta ɗaga murya ta rasa shi. "Baba Alhaji, ka tuna gidanku na da, na soro? In an yi ruwa, ina ruwan rufin yake bi?"

"Indararo mana."

"To abin nan haka yake, kashi uku ne. Tsinken da ke sama ba ya korar tsawa, ba ya kuma tsorata ta. Tsawa tana son abin da ya fi tsawo, hasumiyar nan kuwa da tsinke da babu tsinke ita ce a gaba. Aikinsa shi ne in za ta faɗo, ta faɗo a kansa maimakon ta fasa ginin. Zirin da ya gangaro shi ne indararon, shi yake ɗauko wutar ya sauko da ita ta wajen bango. Na ukun su ne turakun jan ƙarfen da muka kafa can cikin ƙasa, inda akwai danshi, su suke watsa wutar ƙasa ta shanye. In babu na ukun, na farkon da na biyun sun tara maka ruwan rufi ne kawai. Yanzu Malam Sama'ilu ya juya bakin indararon cikin ɗakin da Baba yake tsayawa."

Sama'ilu ya tofar da ɓawon gyaɗa. "Haba Hajiya. Ni na san aikina. Tagar nan da hannuna na kafa ta, ta kama bulo gam."

"Ta kama busasshen bulo, Malam Sama'ilu. Bulo ba ya shan wutar nan. In ta iso tagar ta rasa hanya, tsalle za ta yi ta nemi mafi kusa: wayar amfilifaya, bututun famfo, ko mutumin da ke riƙe da makirfo ƙafarsa a jiƙe da ruwan alwala."

"To a kwance shi daga tagar mana, ai ba wani aiki ba ne."

"Ko an kwance, bakinsa yana nan kusa da tagar, za ta tsallaka. Ga kuma wayar lasifika da ta taso tun daga sama ta shigo ɗakin. Sai an fasa tayil an tono turakun, an haɗa da sabon ziri, an auna an ga ƙasa tana karɓa."

"A fasa tayil!" Alhaji Daudu ya dafe ƙirji. "Tayil ɗin da ko wata uku..." Ya girgiza kai. "'Yata, bari a yi Juma'a, in tara kwamiti, a zauna."

"Ba gyaran nake roƙo yau ba. Kawai ka ce wa Baba ya bar ɗakin nan har hadarin ya wuce. Kai zai ji maganarka."

"In ce wa Malam Zarami kada ya kira salla? Ni? Da wane bakin? Kowa da ranarsa, 'yata. Ku 'yan boko tawakkalinku kaɗan ne."

"Baba Alhaji, ɗakin nan da kwaɗo kuke rufe shi saboda ɓarayin batir. Tawakkalin bai hana ku sayen kwaɗo ba."

Sama'ilu ya fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya juya ga masu jan buhu yana yi musu faɗan da ba su ci ba, ta gane an sallame ta.

A hanyar komawa ta kira wani abokin aikinta da ke da shagon kayan wuta a Kazaure. Ya ce yana da ziri da turaku, amma can ma iska ta taso, babu ɗan acaɓan da zai ɗauko su yanzu. Tana cikin magana ta ji rugugin farko, can nesa, kamar ana mirgina ganga a kan dutse. Ta kashe wayar. Ko da kayan suna hannunta an makara. Dokar aikinsu ce, in kunne ya ji tsawa to hannu ya bar jan ƙarfe, domin wadda ka ji daga nesa tana iya iso ka.

Ta shiga gida da gudu. "Hajja, ki hana shi! Ki ce ba ki da lafiya, ki ce komai!"

Hajja Fatu tana kwashe shanya daga igiya. Ta dubi fuskar 'yarta, hannunta ya tsaya. "Ranar da aka haifi yayanki ina naƙuda ya fita kiran Asuba. Ranar da aka binne mahaifiyarsa shi ya kira Magariba. Ni zan hana shi? Zulai, da gaske kike abin nan zai iya kashe shi?"

"Wallahi Hajja, in ta faɗo yana ciki, ba zai fito ba."

"In ta faɗo. In kuma ba ta faɗo ba fa?"

Zulaikha ta juya ta nufi zaure. Gaskiyar ke nan, ba ta da tabbas. Hadari nawa ne yake wucewa bai taɓa hasumiyar ba? Tana iya tozarta tsohon a banza, gari ya kwana yana cewa 'yar Malam ta je Kano ta dawo tana hana kiran salla. Ta tsaya a zaure tana kallon filin. Iska ta fara kaɗa ledoji da karan dawa, awaki suna gudu suna neman gindin katanga. Duhu ya rufe rabin sama, walƙiya tana tsaga shi.

Sai ta ga mahaifinta ya fito daga ɗakin, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a bakin famfo. Lokaci ya yi. Ƙofar ɗakin a buɗe, kwaɗon yana rataye a jikin marfin, makullin a cikinsa kamar kullum.

Ba ta san sa'ad da ta tsallake filin ba. Ta ja ƙofar, ta ɗana kwaɗon, ta zare makullin. Ƙarar ɗanawar ta sa Malam ya waiwayo, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Ke! Me kike yi?"

Maza uku ne a wajen alwalar. Ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi a gaban manya ba. "Don Allah ku bar jikin famfon nan! Ku shiga cikin masallaci, ku nisanci hasumiyar!"

Ɗigon farko ya faɗo, manya-manya, suka kwashi takalmansu suka yi cikin masallaci, ko don maganarta ko don ruwan. Malam ya miƙe.

"Ba ni makullin."

"Baba, ka yafe mini."

"Zulaikha. Ba ni makullin nan."

Ta ja da baya. In ta tsaya nan suna jayayya, a gindin hasumiyar suke su biyun, ƙafa a kan jiƙaƙƙen tayil, ba ta tsinana komai ba. Ta ɗaga makullin yadda zai gani, ta juya ta nufi gida da sassarfa, tana waiwaye. Addu'a ɗaya take yi, Allah Ya sa fushinsa ya kai ya biyo ta, kada ya tsaya neman dutsen fasa kwaɗo.

Ya tsaya. Ya dubi ƙofar, ya dubi ƙasa kamar mai neman wani abu.

"In ka fasa shi," ta yi ihu cikin iska, "zan shiga in tsaya tare da kai!"

Daga barandar masallaci mutane suna kallo. Tsohon ya tattare rigarsa ya biyo ta, ba takalmi, ruwa yana dukansa. Ta shige zaure, ya shigo bayanta yana haki. Hajja Fatu tana tsaye a ƙofar ciki, hannu a baki.

"A gaban jama'a," in ji shi. "A gaban jama'a, Zulai. Ni na kai ki makarantar nan da mutane suna cewa kada in kai. Wannan ne sakamakon? Lokacin salla yana shiga, ke kina tsakanina da shi?"

"Ka kira daga nan, Baba. Da can da babu lasifika ai..."

"Ba ni!"

Ta durƙusa, ta dunƙule makullin a cikin hannayenta biyu ta danna a cikinta, ta sunkuyar da kai. Tun tana yarinya bai taɓa dukanta ba. Ta ji ya matso, ta ga inuwar hannunsa ta ɗaga. Ta runtse ido, tana cewa a ranta ya daka ɗin, ya yi ta duka har hadarin ya wuce.

Hasken ya ratsa har cikin rufaffen idonta, fari fat, ƙarar kuma ba ta jira shi ba, tare suka zo. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwoyinta, ƙura ta zubo daga rufin zauren. Kunnuwanta suka toshe, sai wani siririn kuka a cikinsu. Da ta buɗe ido ta ga mahaifinta zaune dirshan a ƙasa, bakinsa yana motsi da salati, idonsa a kan filin. Hayaƙi yana fita ta tagar ɗakin ladan, ruwa yana danne shi.

Can Malam ya dafa bango ya miƙe. Ta ɗauka wajen ɗakin zai nufa, ta riƙe gefen rigarsa.

"Ba a gama ba, Baba. Tana iya komowa wuri ɗaya."

Ya cire hannunta a hankali. A bakin zauren ya tsaya, daga ciki, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne. Muryar ta fito a shaƙe da farko, sannan ta buɗe. Ba ta kai bakin titi ba, ruwa ya cinye rabinta, amma waɗanda ke cikin masallaci sun ji, don an ga suna gyara tsayuwa.

Sai da rugugin ya yi nisa ya ɗauke ɗif, aka daɗe ba a ji shi ba, sannan ta miƙa masa makullin. Rana ta leƙo ta yamma, unguwa duk ta fito. Malam ya buɗe ɗakin. Wari ya bugo su, na ƙonanniyar roba. Bulon da ke ƙarƙashin tagar ya tarwatse, ya watsu har bango na biyu, bututun famfo ya fashe ta baya yana tsiyaya. Amfilifayar ta yi baƙi, wayar makirfon ta narke ta manne da siminti. Buzun da yake tsayawa a kai ya ƙone ta gefe ɗaya.

Alhaji Daudu ya iso da lema a hannu, yana ta innalillahi. Da ya gama leƙawa ya juyo ga jama'a. "Kun gani ko? Ƙarfen can na sama shi ya kira ta. Kafin a sa shi ai ba a taɓa yin haka ba. Gobe a hau a cire shi."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Zulaikha ta gaji har ƙashinta, amma ta nuna sama. "Baba Alhaji, dubi hasumiyar. Daga ƙololuwa har zuwa tagar nan, akwai inda ta tsage? Duk inda jan ƙarfen yake, ya riƙe ta. Inda aka yanke shi, nan ta ɓalle. In ka cire na sama, wata rana kan hasumiyar ne zai zubo a harabar nan."

Mutane suka ɗaga kai. Ginin yana nan lafiya lau, jinjirin watan ma bai karkace ba. Sama'ilu magini yana can baya, ya cire hula yana murza ta.

Malam Zarami bai ɗaga kai ba. Ya sunkuya ya ɗauki buzun, ya karkaɗe ɓaraguzan, ya daɗe yana duban ƙunar.

"Sama'ilu," ya ce, "gobe da safe ka zo da guduma da diga. Inda ta nuna maka, nan za ka fasa."

"Malam, kwamiti fa..." in ji Alhaji Daudu.

"Kwamiti ya samo wani ladanin ya tsaya a ciki, Alhaji. Ni daga zaure zan riƙa kira har a gama."

Ya naɗe buzun ya sa a hammata, ya nufi gida. Da ya zo daidai Zulaikha ya ɗan tsaya, bai dube ta ba.

"Turakun nan naki, suna nan a ƙarƙashin simintin?"

"Suna nan, Baba, in ba a tone su ba. Sai na auna na gani."

"To." Ya jefa makullin a aljihu. "Wannan kuma, kada ki ƙara taɓa mini shi."

Ta ce to. Ta bi bayansa a cikin taɓo, tana lissafin ta inda za a fara fasa tayil ɗin.